Rahoton Kwamitin Shari'a na Ƙungiya Kan Ayyukan Shekarar da Ta Ƙare

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawan ƙungiya, shugaba da muƙarrabansa, 'yan'uwa masu shaguna maza da mata, ga bayanin abin da kwamitin shari'a ya gudanar a bana a nan Abuja. Lissafin kuɗin da aka kashe yana cikin rahoton ma'aji, ba za mu maimaita shi ba. Taron wayar da kai da muka alkawarta bara an yi shi bayan ƙaramar Sallah, kuma baristan ƙungiya ya ci gaba da zaman sauraren koke a ofis kowane wata.

Mafi yawan koken da ya zo mana tsakanin memba ne da hukuma, kuma kusan kowa da magana ɗaya yake shigowa: a kai su kotu. Barista kuwa tambayarsa ta farko ba ta canzawa: "Alhaji, me kake so alƙali ya rubuta?" Idan ƙarar a kan hukuma ce, kotu ba ta zama ta sake auna ko hukuncin hukumar ya yi daɗi ko bai yi ba. Abin da take dubawa shi ne ko hukumar na da hurumin yin abin da ta yi, da kuma ko ta bi hanyar da doka ta shimfiɗa. Umarnin da za a roƙa kuma ya danganta da inda maganar ta tsaya. In an riga an yanke hukunci, sokewa ake nema. In ana shirin yankewa, hanawa ake nema. In hukumar ta ƙi motsi ne, sai a nemi a tilasta ta. In kuma gardamar a kan abin da doka ta ce ne, sai a roƙi kotu ta bayyana matsayin doka.

Shari'ar da ta fi cin lokacinmu ita ce ta wani dattijo mai sayar da atamfa, wadda aka fara tun bara. An zarge shi da fasa bangon shago ya haɗe da na maƙwabcinsa ba da izini ba. Hukumar da ke kula da wurin ta kafa kwamitin bincike, kwamitin ya zauna, sai kawai ga wasiƙa cewa an janye takardar da aka ba shi shagon da ita. Ba a kira shi ba ko sau ɗaya. Da muka bi diddigi, sai muka gano cewa jami'in da ya rubuta rahoton zargin shi ne kuma ya shugabanci kwamitin.

Nan umarnin sokewa ne ya dace, wanda lauyoyinmu ke kira satiyorari. Abu na farko da barista ya sa aka yi shi ne neman kwafin hukuncin da rahoton zaman kwamitin, domin a irin wannan ƙarar takardu ne ke magana, kuma abin da ake so a soke dole ya kasance a gaban alƙali. Dattijon ya yi takardar rantsuwa, ya faɗi ranar da wasiƙar ta iso hannunsa, ya kuma rantse ba a taɓa gayyatarsa ba. Daga nan aka nemi izinin kotu na shigar da ƙarar. Wannan matakin ana yin sa ne ba tare da hukumar tana wurin ba, kuma alƙali yana duba ko mai ƙara na da ruwa da tsaki a maganar, da ko akwai abin da ya cancanci a saurara. A nan ne barista ya roƙi a ce izinin ya dakatar da aiwatar da hukuncin har a gama shari'a. Sai an roƙa alƙali ya amince ake samun wannan, ba ya zuwa da kansa, kuma da ba a samu ba da an ba wani shagon kafin a kai ga sauraren ƙarar. Bayan haka aka kai wa hukumar sammaci, ta kawo tata rantsuwar, lauyoyi suka gabatar da hujjoji a rubuce. Babu wanda ya shiga akwatin shaida.

Hujjarmu sashe na 36 ne na Kundin Tsarin Mulkin 1999, da ƙa'idoji biyu da kotunanmu suka daɗe a kansu: a ji ta bakin wanda ake zargi, kuma mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da yake da hannu a ciki. Barista ya kawo shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, inda Kotun Ƙoli a 1986 ta rushe korar ɗalibai bayan tarzoma, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Kotu ta soke janyewar shagon.

Mun ji wasu na cewa kotu ta wanke dattijon. Ba ta wanke shi ba, kuma muna so a fahimci wannan da kyau. Alƙali bai ce komai a kan bango ba. Abin da ya yi shi ne share hukuncin ya zama kamar ba a taɓa yin sa ba, hukumar kuma tana da damar sake zama ta hanyar da ta dace. Haka kuwa ta yi. Ta kafa sabon kwamiti, ta aiko da gayyata, dattijon ya je da takardunsa da shaidar maƙwabcin. Aka same shi da laifin gyara ba izini, aka ci shi tara, aka ce ya mayar da bangon, shago ya zauna a hannunsa. A ganin kwamiti wannan nasara ce, amma da an sake janyewa bayan an saurare shi yadda ya kamata, da wuya kotu ta sake tsoma baki.

Daga wannan maganar ce ta biyu ta ɓullo. Ana cikin shari'ar, sai aka aiko wa wasu membobi a layin guda takardar gayyata gaban tsohon kwamitin, da shugabansa na da, wanda su ma shi ya rubuta zarginsu. Su ba a yanke musu komai ba tukuna, saboda haka babu hukuncin da za a soke. Umarnin hanawa ne nasu, wanda ke tsayar da kwamiti kafin ya ƙarasa abin da ba shi da hurumin yi. Dalilan da ake kafawa da su kusan ɗaya ne da na sokewa, lokaci ne ya bambanta su. Barista ya haɗa roƙon biyu a takarda ɗaya: a hana kwamitin ci gaba, a kuma soke duk abin da ya riga ya rubuta. Ba a kai ga hukunci ba, domin bayan faɗuwarta a shari'ar farko hukumar ta rushe kwamitin da kanta.

Umarnin tilastawa, wato mandamus, shi ne membobi suka fi sha'awa, shi ne kuma suka fi yi wa gurguwar fahimta. Mun yi aiki da shi a kan takardun sabunta izini da suka kwanta a ofis, an karɓi kuɗi an ba da rasit, babu amsa. Kafin kotu ta saurari irin wannan, sai an nuna cewa doka ce ta ɗora wa hukumar aikin, an nema a fili, ta ƙi ko ta yi shiru har shirun ya zama ƙi. Zuwa ofis ana gaisawa da jami'i ba ya zama hujja. Wasiƙa muka rubuta, muka ambaci aikin da muke so a yi, muka ba da wa'adi, muka ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Abin da ƙarar ke roƙo shi ne a tilasta hukumar ta duba takardun ta yanke shawara. Ba mu roƙi a tilasta ta amince ba, domin inda doka ta bar wa jami'i zaɓi, kotu ba ta zaɓa masa. Marigayi Gani Fawehinmi ma ya nemi a tilasta wa 'yan sanda binciken gwamnan Legas na lokacin, Kotun Ƙoli a 2002 ta ƙi, ta ce 'yan sanda na da damar auna abin da za su bincika. Tamu ƙarar tana nan ba a yanke ba.

Sai maganar sabon kuɗin da aka fara karɓa a bakin ƙofa, wanda muka nemi a nuna mana dokar da ta kafa shi ba a nuna ba. Wannan ya shafi kowa, ba hukunci ne a kan mutum ɗaya ba, shi ya sa muka roƙi kotu ta bayyana cewa hukumar ba ta da ikon karɓarsa. Irin wannan bayani yana da rauni guda: faɗar matsayin doka ne kawai, babu ma'aikacin kotun da zai ɗauke shi ya je ya aiwatar. Wani lauyan gwamnatin tarayya, Shitta-Bey, ya taɓa samun bayanin kotu cewa cire shi daga aiki haramtacce ne, hukumar ma'aikata ta ƙi mayar da shi, sai da ya sake komawa neman mandamus har Kotun Ƙoli ta ba shi a 1981. Don kada mu yi tafiya biyu, mun haɗa da roƙon a hana ci gaba da karɓar kuɗin. Ku kuma sani cewa ko hukumar ba ta zo kare kanta ba, ba a bayar da wannan bayani a ɓagas, sai mun tabbatar da hujjarmu. Duk mai rasitin wannan kuɗi ya kawo wa sakatare kwafi.

Akwai koke biyu da muka mayar, kuma masu su sun ji haushinmu. Na farko ya zo ne wata biyar bayan an ba shi wasiƙa, ya ɓata lokacin yana bin manya a roƙa masa. Ƙa'idar kotu wata uku ce daga ranar da abin ya faru, kuma Dokar Kare Jami'an Gwamnati ita ma wata uku ta yanka wa mai ƙarar jami'i a kan aikinsa. Neman sulhu ba ya tsayar da wannan lissafi. Na biyu kuwa rikicin kuɗin haya ne a kan yarjejeniyar da ya sa wa hannu. Kasancewar mai shagon hukuma ce bai mayar da maganar ta dokar mulki ba. Saɓa yarjejeniya ce, ƙara ta yau da kullum ake shigarwa, a kira shaidu, a nemi diyya. Mun haɗa shi da lauyan da zai bi masa ta wannan hanya.

A shekara mai zuwa ƙarar sabunta izini da ta kuɗin ƙofa ne a gabanmu, kuma za mu sanar da ranakun zama ta hannun shugabannin layi. Kwamiti na neman amincewar babban taro a buɗe rajista a ofis, inda duk memban da hukuma ta ba wa wasiƙa zai kawo ta cikin mako guda, a rubuta ranar da ya karɓa, a ɗauki kwafi, a miƙa wa barista.

Sakataren Kwamitin Shari'a