Zuwa ga Ummi, kafin ranar jarabawarki

Assalamu alaikum Ummi, ya Madina ya karatu. Babanki ya ce kin samu rana a cibiyar jarabawa ta Prometric na SNLE ɗin nan, jarabawar lasisin aikin jinya ta Saudiyya, Alhamdulillah. Na ce bari in rubuto miki don in muna waya ke kullum to Mama to Mama, kuma ba ji kike ba.

Abin da ya fi damuna sunanki ne. Yau ɗin nan ki ɗauko iƙamarki da fasfo ki ajiye su kusa da takardar da suka turo miki ta imel, ki bi harafi harafi. Kin san mu Hausawa wani wurin Aishatu wani wurin Aisha, sunan uba kuma kowa da yadda yake rubuta shi da boko, su kuwa a ƙofa abin da ke kan kati suke gwadawa da na kwamfutarsu, in ya saɓa suna iya hana ki shiga. In kin ga bambanci ki bi ta Mumaris Plus, shafin rajistar ma'aikatan lafiya, a gyara tun yanzu. Ki duba kar katin ya ƙare, kuma ki tafi da na asali, kar ki dogara da hoton da ke waya. Shekarar da na zauna tawa akwai wata baiwar Allah da ta zo da iƙamar da ta ƙare ba ta lura ba, ina ganinta zaune a matakala da jakarta a cinya har aka kira mu ciki, wallahi har yau ina tuna ta.

Ki isa minti 30 kafin lokaci, ni dai na fi so ki ƙara a kai. Za su ba ki loka ki sa waya da agogo da jaka, ki sa hannu, sai bincike: ki juyo aljihu, ki naɗe hannun abaya, su duba gilashinki, su zaga ki da na'urar gano ƙarfe. Fuska dole a gan ta a gwada da hoton kati. Don Allah ranar ki bar awarwaro da zobban nan naki a gida, ki sa kaya marasa tarkace. Kowa haka ake yi masa, kar ranki ya ɓaci tun ba a fara ba.

Tambaya 200 ce kashi biyu, kowane kashi 100 a minti 120, da hutun minti 30 a tsakani. In kin raba, kowace tambaya sakan 72 ke nan. Kar ki tsaya lissafa wannan a ciki, ki riƙe abu ɗaya kawai, in agogon da ke kan allo ya nuna saura minti 60 ya kamata kina wajen tambaya ta 50. In kika ga kina ta 35, to saura miki 65 a minti 60, ƙasa da minti ɗaya ke nan kowace, sai ki daina doguwar shawara. Wadda ta tsaya miki ki zaɓi wadda ranki ya fi kwantawa da ita, ki danna Flag ki wuce, in lokaci ya rage ki dawo, amma kar ki bar ko ɗaya ba amsa. Kuma in kin rufe kashi na farko shi ke nan ba komawa. In kika fita banɗaki ba lokacin hutu ba agogo na ci gaba da tafiya, kuma sai an sake bincike kafin ki koma, shi ya sa ki rage shayin safe. Hutun ma kar ki cinye shi duka, ki yi sallah in lokaci ya yi, ki ci dabino ki sha ruwa ki dawo da wuri.

Maganar maki na ji ki ran nan kina cewa kashi 62 cikin ɗari ake nema, ba haka lissafin yake ba. Ana fitar da maki ne daga 200 zuwa 800, a ci da 500, kuma ba yawan amsar da kika ci ba ne kai tsaye, sai sun daidaita shi da wahalar tambayoyin da suka faɗo miki tunda ba kowa ke samun iri ɗaya ba. A cikin 200 ɗin ma akwai wasu na gwaji da ba sa shiga maki, kuma ba za ki gane su ba. Na san halinki, tambaya uku ta yi miki wuya sai ki ce kin faɗi hannu ya fara rawa, to wataƙila ma na gwajin ne. Sakamako kuma ba ranar zai fito ba sai bayan wasu makonni.

Ki turo min hoton iƙamar da takardar yau da dare in duba sunan da idona. Ranar kuma yayanki zai kai ki, na riga na faɗa masa. Allah ya ba ki sa'a, ya yi miki albarka.

Mamanki, daga Jidda