Iyayen yara, ku kunna rediyo bayan isha'i

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara, da fatan an yini lafiya.

Sanarwar rigakafin nan da ake ta maimaitawa a gidan rediyon garinmu mu muka zauna da malamar asibiti muka rubuta ta, tunda a makarantarmu za a yi aikin. Ga yadda take ga wanda bai ji ba:

"Jama'a ana gaisuwa. Ranar Asabar, washegarin kasuwa, akwai allurar ƙyanda da ɗigon shan inna a firamare, ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa, daga hantsi zuwa azahar. A zo da katin yaro. Kyauta ne, kada a ba kowa ko sisi."

Da gangan ba mu ce ƙarfe kaza ba, wanda ke gona ko ruga da rana da kiran sallah yake auna lokaci. Mun kuma roƙi a riƙa karantawa bayan isha'i lokacin da maigida yake gida, don mun san wasu matan sai da izininsa za su fito, to gara ya ji da kunnensa.

Sai dai minti ɗaya a rediyo baya ɗaukar duk bayanin. Ɗigon shan inna ɗigo biyu ne a baki ga duk yaron da bai kai shekara 5 ba, ko an taɓa ɗiga masa a gida a sake babu komai, sannan a shafa masa tawada a ƙaramin yatsa. Ita ƙyanda allura ce, ta farko a wata 9 ta biyu a wata 15, kuma ta biyun nan ce ake yawan mantawa. Misali yaro ɗan shekara 2 da katinsa ya nuna ta wata 9 kaɗai, wannan ɗigo da allura duka zai samu ranar.

Don Allah a zo da wuri. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara da yawa ce kuma in aka haɗa ta da ruwanta bata wuce awa 6 sai a zubar, shi yasa in kika zo ke kaɗai ana shirin tashi abin yake zama rigima.

Mura ko ɗan tari basa hana rigakafi. Bayan kamar sati ɗaya wani yaron zai yi ɗan zazzaɓi ko ƙuraje kaɗan, yana wucewa. Amma a zauna rabin awa bayan allurar kafin a tafi, in fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya a kira malamar nan take.

Wadda katin ɗanta ya ɓace ta zo haka nan. Kuma a faɗa wa maƙwabtan da ba su da rediyo.

Naku,
Hedimasta