Auta, ka rufe asusun kemarar nan yau

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya jikin Inna, ya zafin Sakkwato? Ni nan Jidda lafiya lau. Aikin dare ne dai har yanzu, amma jiki ya saba.

Saƙon da Yaya ta turo min ne ya hana ni barci. Ta ce ranar Talata tana shanya a tsakar gida kemarar ta juyo kanta ta bi ta, ta ɗauka ni ne. Ba ni ba ne, lokacin ina wurin aiki, wayata tana cikin loka. Da na tashi na shiga manhajar na duba jerin wayoyin da ke cikin asusun, na ga huɗu. Ga tawa, ga taka, biyun kuwa ban san su ba, kuma ɗaya ta shiga da ƙarfe 2 na dare agogonku. Auta, ni na sayi abin nan da gumina don in riƙa ganin Inna a kan tabarmarta da safe. Ashe katangar da Baba ya ɗaga don suturar iyalinsa na huda wa baƙi.

Na san inda aka samu ɓaraka. Mai haɗa kemarar ne ya buɗe asusun da layinka, ya sa lambar wayarka a matsayin kalmar sirri, mu duka muke shiga da ita. Rabin Mabera suna da lambar nan. Ban ce shi ne ba, kada ka je shagon mutum da faɗa. Ba sai ɓarawo ya iya kwamfuta ba, gwadawa kawai ake yi: lambar waya, shekarar haihuwa, 123456, ko kalmar da mutum ya sa a wani shafin da aka taɓa sace bayanansa.

Da zan iya gyarawa daga nan da na yi, amma komai a layinka da imel ɗinka yake. Ka fara da imel ɗin, domin duk wanda ya riƙe shi zai danna Forgot password ya karɓe asusun ko ka canza sau goma. Sannan ka canza ta kemarar. Kowanne da tasa, kada su zama ɗaya. Ka haɗa kalmomi huɗu da ba su da alaƙa da juna, ka sa lamba a tsakani, kamar tulu-goro-47-taga-rakumi. Misali na ba ka, kada ka sa wannan. Tsawon ne ƙarfinta, kada ta gaza harafi 12. Ka rubuta a takarda, Inna ta ajiye a akwatinta. Daga nan ka koma jerin wayoyin ka fitar da duka, har tawa, domin a wasu manhajojin canza kalma ba ya korar wanda ya riga ya shiga.

Sai ka kunna Two-step verification, yana cikin saitin asusu. Sakata ce ta biyu. Duk sabuwar wayar da za ta shiga, ko tana da kalmar, sai ta sa lamba shida da za a turo maka. In lambar ta zo alhali ba kai ke shiga ba, wani ya san kalmar ke nan, ka sake ta nan take. Kuma kada ka karanta wa kowa lambar nan, ko ya ce daga kamfanin ya kira, ko saƙo ya zo da sunana. Layin kuma kada ka bari ya mutu a ba wani. Ni ba sai ka turo min kalmar ba, ka gayyace ni ta Share device in shiga da nawa asusun.

Na turo dubu 60. Ka biya kuɗin makarantar yaran Yaya, ka sa data, sauran na maganin Inna ne. Ba na gyaran babur ba ne, ka ji ni.

Da datan ka shiga saitin kemarar kanta ka nemi Firmware update. Na ga jan ɗigo a wurin tun watan azumi ba wanda ya taɓa. Kamfani kan gano kafar da ake shiga ba tare da kalmar sirri ba ya toshe ta, amma toshewar ba ta iso mu sai an sauke. Ka yi lokacin da batirin sola ya cika, don in wuta ta yanke ana tsakiya kemarar na iya ƙin tashi. In ta kashe kanta ta kunna, daidai ne, kada ka zare.

Kafin ka gama duk wannan, ka cire ta daga soket, sai lokacin Firmware update kawai ka jona ta. Na haƙura da ganin Inna kwana biyu. In an mayar kuma a juya ta ta kalli zaure da ƙofa, tsakar gida na mata ne, tun farko bai kamata in sa a can ba. Ka ba Yaya haƙuri, ni kunyar kiranta nake ji.

Kuɗin makaranta tukun, sannan data. Ka kira ni bayan isha'inku, ina farke. A gaida Inna, ta sa ni a addu'a.

Yayanka