Kada a ce mu jefar da lanƙwasa, laifin na mai karanta fayil ne

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Amsar da aka bai wa malamar nan a shafinku na fasaha na makon jiya ta ɓata mini rai, har yanzu ban huce ba. Baiwar Allah ta kawo kukanta cewa sunayen ɗalibanta sun rikiɗe sun koma wasu alamomi, sai mai amsar ya ce mata wai kwamfuta ba ta san haruffan Hausa ba, wataƙila ma bairos ne, don haka ta riƙa rubuta k da d da b ba lanƙwasa ta huta. Haba! A jaridar Hausa za a buga wannan? To in mun bi shawararsa, da me za mu bambanta baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko kasa da ƙasa? Wanda ya rubuta "baki sun zo" me ya faɗa?

Ina da shagon buga takardu a wajen Wunti a garin Bauchi, kuma wannan matsala kusan kullum sai ta shigo mini a kan filasha. Fayil ɗin malamar lafiyarsa ƙalau. Ina da yaƙinin haka ko ban gan shi ba, domin alamar da ta ce ta gani, wato Æ™ a tsakiyar suna, ita ce shaidar cewa babu abin da ya ɓata.

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa, kuma ma'aunin ajiyarta shi ne bayit, wanda ke ɗaukar lamba ɗaya daga 0 zuwa 255. Tsohon tsarin ASCII ya raba lambobi 128 na farko ga haruffan Turanci da alƙaluma da alamomin rubutu. Harafin k, misali, lambarsa 107 ce. Namu masu lanƙwasa ba sa cikin wannan rabo, amma suna cikin Unicode, babban tsarin da ya ba haruffan harsunan duniya lambobi, inda ƙ ke da lamba 409, ɗ kuma 599, ɓ 595. Ka ga tun nan maganar "kwamfuta ba ta san su ba" ta faɗi. Sai dai 409 ta wuce abin da bayit ɗaya zai ɗauka. Shi ya sa tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yake raba irin wannan lamba gida biyu. Harafin ƙ sai ya zauna a fayil a matsayin bayit biyu a jere, 198 da 153.

To a nan gizo ke saƙar. Fayil na rubutu zalla, irin .txt ko .csv, yawanci ba ya ɗauke da wata sanarwa da ke cewa ga tsarin da aka rubuta shi da shi. Lambobi ne kawai a jere. Manhajar da ta buɗe shi ita za ta yanke shawarar teburin lambobi da haruffa da za ta duba. In ta duba da UTF-8, za ta gane cewa 198 somin harafi ne mai bayit biyu, ta haɗa shi da 153, ta nuna ƙ. In kuwa ta ɗauko tsohon teburin Windows-1252, wanda aka yi don harsunan Yammacin Turai, a can kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. Sai ta duba 198 ta tarar da Æ, ta duba 153 ta tarar da ™, ta jera maka su. Shi ya sa kullum harafi ɗaya ke komawa alamomi biyu, kuma shi ya sa sauran haruffan sunan ba sa taɓuwa, tunda lambobi 128 na farko iri ɗaya ne a teburan biyu. Bairos ba ya zaɓen ƙ ya bar k.

Ga su nan kamar yadda na rubuta na manna a bangon shagona don yarana:

```
ƙ  Æ™      Ƙ  Æ˜
ɗ  É—      Ɗ  ÆŠ
ɓ  É“      ’  â€™
```

Ta ƙarshen nan ita ce 'yar alamar da muke sakawa a 'ya'ya da sana'a, idan Word ya mayar da ita mai lanƙwasa. Ita bayit uku take ci, don haka alamomi uku take haifarwa.

Bari in ba ka abin da ya faru a gabana daf da damina. Sakataren wata ƙungiyar manoma, dattijo ne da nake jin nauyinsa, ya zo da sunayen mambobinsu da aka tattara ta waya aka turo masa a fayil na .csv, yana son a buga masa kafin taro. Yaron shagona ya danna fayil ɗin sau biyu, Excel ya buɗe. Bilƙisu ta koma BilÆ™isu, Ɗanjuma ya koma ÆŠanjuma, Ɗahiru ma haka. Dattijon ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Yanzu sai mun sake bin ƙauyukan nan ke nan?" Na ce, "Baba, zauna tukuna." Na rufe Excel ban ajiye komai ba, na buɗe fayil ɗin da Notepad. Sunaye suka fito garau, kowace lanƙwasa a mazauninta, kuma a can ƙasan tagar ta dama an rubuta UTF-8. Na juya masa allon ya gani da idonsa. Fayil ɗaya ne, ko ɗigo ba a canza ba, mai karantawa kawai aka sauya.

Dalilin da Excel ke yin haka shi ne, in ka buɗe .csv ta danna shi kai tsaye, yana neman wata 'yar alama ta bayit uku a farkon fayil, wadda ake kira BOM. In bai gan ta ba, sai ya koma ga tsohon teburin da Windows ɗin kwamfutar ke kai, wanda a kwamfutocinmu na nan kusan kullum 1252 ne. Maganin shi ne ka buɗe Excel babu komai, ka shiga Data, ka zaɓi From Text/CSV, ka nuna masa fayil ɗin, sannan a wurin File Origin ka zaɓi 65001: Unicode (UTF-8). Tun a 'yar tagar gwaji za ka ga sunayen sun miƙe. Abin da ya kamata a gaya wa malamar ke nan, bai kai layi biyar na jarida ba.

Amma akwai rami a gaba, kuma yarona ya faɗa cikinsa a ranar. Bayan mun shigo da sunayen daidai, Baba ya ce a ƙara mutum uku da aka manta. Yaron ya ƙara, ya je wajen ajiyewa ya zaɓi CSV (Comma delimited). Wannan zaɓi da tsohon teburin yake rubutawa, kuma teburin ba shi da gurbin ƙ, don haka Excel ya sa alamar tambaya a madadinta. Muka sake buɗewa, sai ga Bil?isu da ?anjuma. Wannan kam asara ce ta gaske. Lambar 63, ta alamar tambaya, ita aka rubuta a fayil ɗin, kuma babu tsarin da za ka buɗe shi da shi ya gaya maka ƙ ce a da ko ɗ ko ɓ. Allah ya taimake mu ainihin fayil ɗin na nan a wayar sakataren, muka sake ɗaukowa. Wanda ya kamata a zaɓa shi ne CSV UTF-8 (Comma delimited), wanda ke saka BOM ɗin da kansa, ko kuma a ajiye a .xlsx a wuce wurin. Tun ranar na kafa doka a shago: ba a taɓa fayil ɗin mutum sai an kwafe shi gefe.

Abin da ya fi ƙona mini rai a amsar taku shi ne yadda aka tara cuta uku aka ba su suna ɗaya. Æ™ kuskuren karatu ne, rubutun na nan. Alamar tambaya kuskuren ajiya ne, rubutun ya tafi. Akwai kuma ta uku, ɗan akwati fanko a gurbin harafi, wanda yawanci ke nufin an karanta lambar daidai amma salon haruffan da aka zaɓa ba shi da zanen ƙ. Wannan canza salon kawai za ka yi, ka koma irin Arial ko Times New Roman na Windows na yanzu, harafin ya bayyana. Wanda bai bambanta ukun nan ba zai sa mutum ya sake buga littafi guda a banza.

Ko da an riga an ajiye ɓarnar, a ce an kwafe BilÆ™isu an manna a Word an tura wa wani, ana iya ceto. Ka danna Ctrl+H, ka sa Æ™ a sama, ƙ a ƙasa, ka maye su duka, ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Babban Ɓ ne kaɗai mai taurin kai. Bayit ɗinsa na biyu 129 ne, kuma teburin 1252 bai ba wannan lamba harafi ba, sai ka ga Æ tsaye shi kaɗai ko da wani abu da ba ya ganuwa a bayansa. Kan jadawalin Baba akwai kalmar Ɓangare, ta fito Æangare. Irin wannan da ido ake nemansa. In kuma ka ga dogon jeri kamar Ã†â„¢, to an maimaita kuskuren sau biyu ne: an karanta ba daidai ba, an ajiye a UTF-8, an sake karantawa ba daidai ba. Shi ma ƙ ne guda ɗaya a ƙarƙashi.

Ina roƙo ku buga gyara a shafin da kuka buga kuskuren, da girman da kuka ba shi, ba a wani lungu ba. Malamai nawa ne suka karanta waccan amsa suka fara goge lanƙwasa daga rajistar aji? Yaro sunansa Ɗanlami, a rubuta masa Danlami tun daga firamare, haka zai bi shi har takardar shaidar kammalawa. Iyayenmu da suka koyi boko a yaƙi da jahilci sun san ƙ da ɗ da ɓ, ba a zamanin da kowa ke riƙe da waya za a raba mu da su ba.

Sannan, Malam Edita, tunda na samu kunnenka: jaridar Juma'a ba ta iso mana Bauchi sai Asabar da yamma, wani makon ma Lahadi. Mai kawo mini ya ce daga wajen masu rarrabawa ne. Sanarwar ɗaurin aure da ta jana'iza duk sun wuce kafin mu gani, ga kuɗin jaridar an ƙara. Don Allah a duba mana wannan.

Wassalam.

Naku mai karatu kullum,
wani mai shagon buga takardu, Wunti, Bauchi