Barista, sunan da ke kan takardar gidana daban, na katin ɗan ƙasa daban

Assalamu alaikum Barista, da fatan kana lafiya ya aiki ya jama'a. Ni mai sauraron shirinka ne na duk ranar Asabar, yawanci a shago nake ji ina ciniki, to yau dai abin ya zo kaina. Don Allah a sakaya sunana da na garinmu, zan faɗi iya abin da zai sa a gane matsalar.

Sunana na yanka Abubakar, amma ka san mu nan duk Abubakar Garba ne, tun ina yaro ba wanda yake kirana da sunan yanka, mahaifiyata ma ba ta faɗa tunda ɗan fari ne ni, alkunya take yi. Ranar da aka kai ni firamare hedimasta ya tambayi sunana aka ce Garba, mu uku ne Garba a ajin, sai ya laƙa min sunan ƙauyenmu a baya don a bambanta mu. Shi kenan wannan sunan ya bi ni sakandare, ya bi ni masaƙar da na yi aiki shekara takwas, kuma da shi na cike fom lokacin da gwamnati ta yanka filaye a bayan gari na samu fuloti ɗaya, ƙafa 50 da 100. Aka ba ni takardar ba da fili, na biya abin da aka ce, daga baya satifiket ya fito, wato si of o ɗin nan mai wa'adin shekara 99, da taswirar fili a maƙale da lambobin bikon, wato duwatsun iyaka, guda huɗu. Garba da sunan ƙauye, haka aka buga a kai. Na gina gida ina ciki da iyalina yau fiye da shekara ashirin ba wanda ya taɓa ce min kanzil.

Da masaƙa ta rufe na koma kasuwa, da Allah ya kira ni aikin Hajji sai malaminmu ya ce ba a zuwa ɗakin Allah da laƙabi, na yi fasfo da Abubakar da sunan mahaifina. Daga nan duk abin da ya biyo baya wannan sunan ya ɗauka, BVN, NIN, katin zaɓe, layukan wayata, har yarana da shi suke rubuta jarrabawa. Wallahi ban taɓa kawo wa raina cewa takardar da ke ƙasan akwati a cikin leda tana ɗauke da wani mutum daban ba.

Bara ne na nemi bashi a wani banki zan ƙara jari, suka ce in kawo takardar gida jingina. Lauyansu ya je ofishin filaye ya yi binciken fayil, ya dawo ya ce fili dai lafiyarsa ƙalau, ba rigima ba a taɓa jinginar da shi ba, amma mai filin ba ni ba ne. Na yi dariya na ce to waye, ya ce wani Garba. Na ce ai ni ne Garban, ya ce Alhaji na yarda da kai amma takarda ba ta san haka ba, babu kalma ɗaya da ta zo ɗaya tsakanin sunan da ke kan satifiket da wanda ke kan katinka. Ya yi min bayani cewa a dokar amfani da ƙasa ta 1978 filin cikin gari a hannun gwamna yake, kuma sashe na 22 ya ce ba a sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna, to wanda sunansa ke cikin rajista shi ne zai nemi amincewar, ba za a ba Abubakar izinin jinginar da filin Garba ba.

Na je ofishin da kaina. Sai da na yi sawu uku kafin a ciro fayil ɗin, wani kore ne duk ya koɗe an ɗaure shi da igiya. Da aka buɗe sai ga fom ɗin da na cike da hannuna, ga hotona na fasfo baƙi da fari ina da suma ba gemu, ƙusar da aka maƙala shi da ita har ta yi tsatsa ta ɓata gefen kunnena. Na ce wa ma'aikacin ga ni nan ai, ya kalli hoton ya kalle ni da furfurata ya ce Baba wannan ai ɗanka ma zai iya cewa shi ne. Haushi ya kama ni amma da na koma gida na duba madubi na ga yaron bai yi ƙarya ba.

Ma'aikacin ne ya rarrabe min abin, kuma a nan kaina ya ɗaure. Ya ce in da kuskuren daga wajensu ne, misali na rubuta Abubakar a fom mai bugawa ya tsallake harafi ko ya juya sunaye, wannan mai sauƙi ne, takardar koke kawai zan rubuta a duba fom na asali a gyara. Amma ni abin da na rubuta shi aka buga, ba kuskuren kowa. Saboda haka sai na tabbatar musu cewa Garba da Abubakar mutum ɗaya ne, idan kuma ba su gamsu ba za su ɗauke shi a matsayin fili ya tashi daga hannu zuwa hannu, wanda wannan kuma wata hanya ce daban mai tsada. Ya ce mutane da yawa suna sayen fili su ƙi biyan kuɗin canjin mallaka sai su zo da sunan gyaran suna, shi ya sa suke taka-tsantsan, kuma ban ga laifinsu a nan ba gaskiya.

Na tafi babbar kotu na yi takardar rantsuwa, na kuma buga sanarwa a jarida kamar yadda aka ce. To a nan na tafka kuskure. Yaron da ya buga min a shagon kwamfuta na bakin kotu yana da wani tsari a ajiye wanda yake yi wa kowa, musamman matan da suka yi aure suka canja suna, sai ya sa min cewa a da ana kirana Garba, daga yau ina so a riƙa kirana Abubakar. Ni ban karanta da kyau ba na sa hannu aka buga hatimi. Da lauyan banki ya gani ya ce wannan ta ƙara dagula lissafi, tunda takardar na cewa bara na zama Abubakar alhali fasfona ya nuna na fi shekara goma sha biyar da sunan. Ya ce abin da ya kamata in rantse a kai shi ne sunayen biyu duk nawa ne, mutum ɗaya ne mai su tun asali, in faɗi yadda aka yi kowanne ya samu, in sa lambar fayil da lambar satifiket a ciki. Kuma ya ƙara da cewa ko ta yi daidai, rantsuwa ba ta canja abin da ke cikin rajista, hujja ce kawai da zan kai a gyara, su banki sai sun ga gyaran a kan takardar kanta.

Ana cikin haka wani dillali da ke zama a gindin bishiya a ƙofar ofishin ya ja ni gefe ya ce in daina wahalar da kaina. Wai a rubuta takardar sayarwa, Garba ya sayar wa Abubakar, in sa hannu a wajen mai sayarwa da tsohon sa hannuna in sa a wajen mai saye da sabo, shi zai kawo shaidu, a kai neman amincewar gwamna kamar kowane ciniki sabon satifiket ya fito da sunana. Ya ce an sha yi. Barista abin bai kwanta min ba. Ban da kuɗin, don sai an kimanta darajar gidan a yau an caje ni kuɗin amincewa da na hatimi da na rajista a kan gidan da ban saya ba ban sayar ba, ni abin da ya fi tsorata ni shi ne da hannuna zan rubuta cewa Garba wani mutum ne daban. Kuma ina da ɗan baffa, shi Garba ne na gaske har a katinsa, ƙauyenmu ɗaya, da sunan ƙauyen yake amfani. Mutumin kirki ne ba na zarginsa da komai, amma yau ba mu gobe ba mu, 'ya'yansa da nawa ne za su rage. Wani abokina kuma cewa ya yi in je in canja NIN ɗin ya koma Garba kawai, na ce to BVN fa, fasfo fa, takardun yara tara fa? In kwance rufin gida gaba ɗaya saboda kwano ɗaya yana yoyo.

Abin da nake da shi a hannu yanzu, katin aikina na masaƙa mai hoto da sunan Garba, takardar gama sakandare, rasitan harajin fili na shekara-shekara wanda wasu ma an rubuta A. Garba a kansu don akawun ya san ni, da wasiƙar mai unguwa da dagaci ya sa wa hatimi cewa ni ne a gidan tun da aka gina shi. Mahaifina ya rasu, hedimastan ma haka, masaƙa kuma ko mai gadi babu balle wanda zai rubuta min wasiƙa. Akwai yayan mahaifiyata da ya halarci sunana yana nan da rai amma ya tsufa sosai.

To Barista, waccan rantsuwar ta farko ya zan yi da ita, zan iya yin wata in ambaci cewa ta farko kuskure ce ko hakan zai zama na yi rantsuwa biyu masu karo da juna a gaban kotu? Jaridar ma sai na sake bugawa? Sannan waɗannan takardun nawa sun isa hujja a ofishin filaye, ko gara tun yanzu in sa lauya ya nemo min hukuncin kotu da zai bayyana cewa mutum ɗaya ne, in kuma haka ne wace kotu, babbar kotun jiha ko ta shari'ar Musulunci ma za ta iya? An kuma ce min idan aka amince sai na miƙa satifiket ɗin na asali kafin a ba ni gyararre, ni kuma na ga yadda aka sha wuya kafin a nemo fayil ɗina, me zan karɓa a hannu a madadinsa ranar da na miƙa, hoton takardar da aka buga wa hatimin tabbatarwa ya wadatar? Da ma zai yiwu a bar sunayen biyu a kai, Abubakar wanda aka fi sani da Garba, da na fi son haka don tsofaffin rasitaina kar su tashi a banza.

Maganar bashin ma na haƙura da ita, lokacin sarin kayan ya wuce. Matana biyu ne kuma babban ɗana ya fara tambayata ko an gyara, na ce masa sai na ji daga bakinka ranar Asabar.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka, wani ɗan kasuwa mai sauraro.