Koren ɗigo ba shi ne aiki ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Baƙon da kuka kawo a shirinku na ranar Talata ya ɓata mini rai ƙwarai. Wai shugaba ya tsare ma'aikacin da ke aiki daga gida da kiran bidiyo na ba-zata, ya kuma tabbatar koren ɗigon manhajar Teams, mai nuna mutum yana kan layi, yana kunne daga takwas zuwa huɗu. Mai gabatarwa bai ko tambaye shi ba: to in ɗigon yana kunne, aikin fa?

Ni na bi wannan hanyar, na kuma zalunci baiwar Allah da ita. Tun kullen korona na 2020 nake kula da mutum biyar masu shigar da bayanan fom ɗin manoma cikin kwamfuta daga gidajensu. A cikinsu akwai wata mai 'ya'ya uku, unguwarsu ba a kawo wuta sai dare. Duk sanda na duba da rana ba ta kan layi. Da lokacin auna ƙwazo ya zo na ba ta maki mafi ƙanƙanta, na rubuta cewa ba ta mai da hankali. Wani saurayi kuwa da ɗigonsa ba ya mutuwa, shi na ɗora a sama.

Sai da aka dawo mana da tarin fom masu kuskure sannan na zauna na bi sawu. Ita tana shigar da kusan 400 a mako, bayan sallar isha'i da kuma bayan asuba. Na zaro 30 daga nata ba tare da zaɓe ba, kuskure ɗaya na samu. Shi nasa bai kai 250 ba, kuma cikin 30 bakwai sun lalace: lambar waya ba ta cika ba, sunan ƙauye a gurbin sunan gunduma. Ashe taɓa linzami kawai yake yi lokaci-lokaci don kada ɗigon ya canza launi. Wallahi ranar da na kira ta na ba ta haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yallaɓai, ai ba ka taɓa tambayata nawa na yi ba."

Daga nan na daina gadin ɗigo. Kowace Litinin muna yin magana da kowa a kan adadin da zai kawo zuwa Juma'a, a rubuta a Google Sheets inda kowa ke gani. Ranar Juma'a in ƙirga, in zaro 30 in duba. Kuskure ya wuce biyu, aikin ya koma hannun mai shi. Wannan ma ya zo da tasa matsalar, don da aka ga adadi nake bi sai aka fara rububin fom masu tsabta, ana ture waɗanda ruwa ya taɓa ko masu rubutu kamar tafiyar tsutsa. Yanzu ni nake rabawa, kuma mai wuyar karantawa a matsayin biyu nake lissafa shi.

Sauran makin na sadarwa ne, kuma ba yawan surutu a zauren WhatsApp nake nufi ba. Saƙon aiki a amsa shi kafin a tashi a ranar. In kwamfuta ta lalace ko yaro ba lafiya, a faɗa mini ranar Talata, kada a bari sai Juma'a da yamma a zo da uzuri. Wanda ya ce "ba zan kai 300 ba, 220 zan iya" tun da wuri ya fi mini wanda ya yi gum. Mai sakaci ma ba ya ɓuya: zai yi shiru kwana huɗu, ya juye aikin gaba ɗaya a daren ƙarshe, kuskure ya yi yawa. Ba na bukatar leƙa ɗakin matar aure da kyamara kafin in gane wannan, kuma ina mamakin yadda baƙonku bai ga rashin dacewar hakan a gidajenmu ba.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku. Sau tara na kira a lokacin shirin bai shiga ba, amma kun samu lokacin saka tallar maganin basir har sau uku. In za ku sake wannan batu, ku gayyato wanda ya taɓa zama ya cika takardar auna ƙwazon ma'aikacin da bai gani ba wata shida.

Naka mai sauraro,
daga Zariya