Sanarwa: ƙirgen samu da rashi a kash

Ƴan uwa, ga misalin gwaji. Kash, wato ƙaramar ma'ajiyar bayanai mai sauri a kwamfuta, mai rukuni 2, kowane rukuni gurbi 2, bulo mai bayit 4. Samu shi ne a tarar da bulon da ake nema a kash, rashi kuwa a rasa shi. In rukuni ya cika, bulon da ya fi daɗewa ba a taɓa ba ake kora. A raba adireshi da 4, a watsar da ragowa, a samu lambar bulo. Ragowar rabata da 2 ita ce rukuni.

Jerin adireshi: 0, 8, 1, 16, 9, 4, 2. Bulo: 0, 2, 0, 4, 2, 1, 0.

0 da 8 rashi ne, sun cika rukuni 0. Adireshi 1 samu ne, don yana cikin bulo 0. A nan ake tuntuɓe: samun ya sabunta bulo 0, saboda haka da 16 ya zo, bulo 2 aka kora, shi ya fi daɗewa ba a taɓa ba. 9 rashi, ya kori bulo 0. 4 da 2 ma rashi.

Samu 1, rashi 6. Wanda ya ƙirga samu 2, da alama bulon da ya fara shiga ya kora.